Wa Ke Yanka Kuɗin Kwandon Tumatir?

 Sharhinmu na yau a kan tumatir ne, da wata tambaya da take tasowa kowace shekara a gidajenmu. A watan Fabrairu uwargida ta aiki yaro da 'yar naira kaɗan ya dawo da leda cike. A watan Yuni ta aike shi da wannan kuɗin dai, ya dawo da ƙwaya huɗu, biyu ma a yanƙwane. Sai a shiga neman mai laifi. Wani ya ce 'yan gwari ne ba su da tausayi, wani ya ce dillalai ne suka haɗa baki, wani ya ɗora wa gwamnati. Shi kuma manomin da ya noma tumatirin, in ka same shi a lambu a watan Fabrairu, kuka yake yi cewa an saye masa kaya a wulaƙance. To wa ya yanka wannan kuɗi? Amsar da masana tattalin arziki suke bayarwa ita ce abu biyu ne suke haɗuwa su haifi farashi: yawan kayan da aka kawo kasuwa, da yawan buƙatar masu saye waɗanda ke riƙe da kuɗi a hannu. Wannan magana da sauƙin faɗa. Abin da nake so mu yi yau shi ne mu bi ta dalla-dalla a cikin kasuwa guda, mu ga yadda take aiki da kwando da naira.

Mu fara da inda kayan suke fitowa. Mafi yawan tumatirin da Najeriya take ci daga Arewa yake tasowa, kuma babban kakarsa noman rani ne. Akwai filayen Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure a Jihar Kano, waɗanda suke shan ruwan madatsar Tiga. Akwai Ɗanja a Katsina, akwai kewayen Zariya, akwai fadamun Haɗeja. Manomi yakan zuba iri bayan ɗaukewar damina, ya yi renonsa kamar mako uku zuwa huɗu, sannan ya yi dashe. Daga dashe zuwa tsinkar farko akwai wata biyu ko fiye da haka kaɗan. Idan ka haɗa, daga ranar da ya yanke shawarar shuka zuwa ranar da zai cika kwandon farko, wajen wata uku ke nan. Ku riƙe wannan wata ukun, za mu dawo kansa.

Tumatir yana son sanyin hunturu. Shi ya sa kusan kowa yake dasawa a lokaci ɗaya, kuma kusan kowa yake tsinka a lokaci ɗaya, daga Janairu zuwa Maris. Da zafin bazara ya kankama, sai furen ya riƙa zubewa bai ƙulla 'ya'ya ba, ƙwari kuma su yi yawa. Da ruwan sama ya sauka, sai cututtukan ganye da ruɓewa su biyo baya. Saboda haka daga wajen Mayu zuwa Yuli ake shiga tsakanin kaka biyu: na rani ya ƙare, na damina daga Jos da wasu wurare bai gama isowa ba. Ga shi kuma nunannen tumatir ba ya jira. Masara in ta yi araha sai ka zuba a buhu ka kulle a rumbu har wata shida. Tumatir in ya nuna a zafin ƙasarmu, kwanaki kaɗan gare ka, ko ka sayar ko ka zubar.

To yanzu mu shiga kasuwa. Mu ƙaddara muna Kwanar Gafan, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, da sanyin safiya, an jera kwanduna a bakin titi, an rufe bakunansu da ciyawa da takarda, manyan motoci suna jiran lodi. Alƙaluman da zan kawo na misali ne don lissafi ya fito fili, ba farashin wata rana ba ne.

Masu saye ba iri ɗaya ba ne, kuma kowannensu ya zo da iyakar kuɗin da zai iya biya a ransa, ko da bai faɗa wa kowa ba. Akwai mai sayo wa otal-otal da gidajen abinci, wanda dole ne a dafa miya yau ko nawa ne. Akwai ɗan sari mai loda mota zuwa Legas, wanda iyakarsa ta dogara da abin da aka gaya masa a waya game da kasuwar can. Akwai mai teburi da zai kasa kashi-kashi a unguwa, wanda ya san aljihun matan layinsu. Can ƙarshe akwai mai yanka tumatir ya shanya ya yi kauɗa, wanda ba ya ko tsayawa sai kaya sun faɗi warwas. Mu ce idan kwando ya kai naira 35,000, duk kasuwar kwando 200 kawai za a iya saye, domin masu dole ne kaɗai za su miƙa kuɗi. Idan 20,000 ne, za a sayi 300. Idan 12,000 ne, za a sayi 400. Idan ya sauko 6,000, masu kauɗa sun shigo, za a kwashe 500. Wannan jerin shi ne abin da ake nufi da buƙata: ba son abu a rai ba, adadin da mutane za su saya a kowane farashi.

Sai mu ce yau kwando 400 aka kawo. Wani manomi ya ji labarin cewa makon jiya an sayar 20,000, sai ya ce wa dillalinsa kada a sallama ƙasa da haka. Ana tayi, dillali yana cewa albarka. Masu dole suka saya, aka kwashe wasu kwanduna. Amma a wannan kuɗi masu saye sun ƙare a kwando 300, saura 100 suna zaune, rana tana ɗagowa, ruwa ya fara tsattsafowa ta gindin kwando. Cikin masu kayan da suka rage, wanda ya fi kowa matsuwa, wataƙila mai bashin kuɗin mota, shi zai fara cewa a kawo 17,000. Da ya sallama, sauran masu saye da suke tsaye sun ji, ba wanda zai ƙara biyan 20,000. Na gaba ya sauko 15,000. Haka za a yi ta sauka har sai an kai kuɗin da zai jawo mai sayen kwandon ƙarshe, wato 12,000. Nan farashi zai tsaya, kuma shi za ka ji ana cewa kasuwar yau.

Ku lura da abu ɗaya. Mai otal a shirye yake ya biya 35,000, amma in ya yi haƙuri a 12,000 zai saya kamar kowa. Wanda yake tsayar da farashi shi ne mai sayen ƙarshe, wanda ƙiris ya rage ya juya ya tafi, da mai kayan ƙarshe, wanda ƙiris ya rage kayansa su kwana.

Gobe kuma sai mu ce an yi ruwa an hana tsinka, kwando 200 kawai suka iso. Dillali ya buɗe da kuɗin jiya, 12,000. Masu son kwando 400 suka yi caa a kan kwando 200. Ba sai mai kaya ya ce komai ba. Masu sayen ne da kansu za su riƙa ƙara wa juna, wannan ya ce ya saya 15,000, wancan ya ce 18,000, mai teburi ya janye, ɗan sari ya duba wayarsa ya janye, har a rage iya waɗanda za su biya 35,000. Da araha masu kaya ne suke karya wa juna, da tsada masu saye ne suke hawa kan juna.

Yanzu ga wani lissafi da yake ba mutane mamaki. Kwando 300 a kan 20,000, manoma sun tashi da naira miliyan 6. Kwando 400 a kan 12,000, miliyan 4 da dubu 800. Kwando 500 a kan 6,000, miliyan 3 kacal. Kaya sun ƙaru, kuɗin da ya shiga aljihun manoma gaba ɗayansu ya ragu. Dalili kuwa shi ne tukunya tana da iyaka. Don tumatir ya yi araha ba za ka ci tuwo sau shida a rana ba. Uwargida za ta ɗan ƙara ja a miya, ta ɗan shanya wani, shi ke nan. Tunda mutane ba sa ƙara saye sosai in an rage kuɗi kaɗan, dole sai an rage kuɗin da yawa kafin rarar kayan ta tafi. Wannan shi ya sa shekarar da gonaki suka yi kyau ko'ina takan zama shekarar kukan manomi.

Wani zai ce, to me ya sa manomin zai yarda ya sayar 6,000 alhali ya kashe fiye da haka a taki da fetur ɗin injin ban-ruwa da maganin feshi? Domin waɗannan kuɗi sun riga sun tafi, ko ya sayar ko bai sayar ba, ba za su dawo ba. Abin da yake aunawa a safiyar nan shi ne kuɗin da zai kashe daga yanzu. Mu ce masu tsinka 500 a kwando, shi kansa kwandon 1,000, mota zuwa kasuwa 1,000, la'ada da kuɗin fili 500. Jimla 3,000. Matuƙar kasuwa ta wuce 3,000, gara ya kawo ya rage asara. Ranar da ta faɗi ƙasa da haka, tsinkar ma ƙarin asara ce, sai ya bar shi ya ruɓe a gona ko ya sa a yanka a baza a ƙasa. Idan ka ga jan tumatir shimfiɗe a gefen titi yana shan rana, wannan lissafin kake gani. Kuma barin da wasu suke yi a gona shi yake rage kayan da ke zuwa kasuwa, ya hana farashin ci gaba da gangarawa.

Ta ɓangaren tsada ma akwai inda take tsayawa, kuma matan gida ne suke tsayar da ita. Da ɗanyen tumatir ya wuce misali, sai a koma na leda da na gwangwani, a jiƙa kauɗa, a ƙara tattasai da albasa don miya ta yi kauri, ko a bar jar miya baki ɗaya a kaɗa kuka ko kuɓewa. Duk gidan da ya yi haka ya cire kansa daga layin masu saye. Shi ya sa za ka ga tsadar tumatir tana jan kuɗin tattasai da kauɗa sama, domin buƙatar da ta gudu daga wannan, can ta sauka.

Mu bar Kwanar Gafan mu bi mota zuwa kasuwar Mil 12 da ke Legas, tafiyar kilomita wajen 1,000. Mutumin Legas yakan ji kuɗin kwando a Kano ya ce ana cutarsa, manomin Kano yakan ji kuɗin Legas ya ce an cuce shi. Mu yi lissafin ɗan sari. Ya sayi kwando 100 a kan 12,000, miliyan 1 da dubu 200 ke nan. Mu ce kuɗin mota da lodi da saukewa da abin da ake karɓa a shingaye ya kama 6,000 a kowane kwando, dubu 600. Ya kashe miliyan 1 da dubu 800. An jibga kwando a kan kwando, na sama ya danne na ƙasa, tsinin kwandon ya huda wasu, mota ta kwana biyu a hanya cikin zafi. Mu ce abin da ya lalace ya kai kwando 20. Kwando 80 ne za su biya kuɗin 100, wato sai ya sayar da kowanne 22,500 kafin ya mayar da uwar kuɗi. Tsakanin 12,000 da 22,500 babu ribar kowa, hanya ce ta cinye. Wannan ne dalilin da ya sa ake ta kiran a koma akwatunan roba, waɗanda suke hawa kan juna ba tare da sun danne kayan ciki ba.

Idan kuwa aka bugo waya cewa Mil 12 ta kai 35,000, riba ta fito fili, kuma ba shi kaɗai aka bugo wa ba. Motoci za su ƙaru a Kano, masu saye su yi yawa, kuɗi ya hau a nan. Bayan kwana biyu duk su sauka Legas tare, kuɗi ya faɗi a can. Zirga-zirgar nan ita take ɗaure kasuwannin biyu, har tazarar da ke tsakaninsu ta dawo kusa da kuɗin hanya. Saboda haka duk abin da ya ƙara kuɗin hanya yana taɓa ɓangare biyu. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin sufuri da na ban-ruwa suka tashi, mai ci a Legas ya biya ƙari, ɗan sari kuma ya rage abin da zai iya taya wa manomi.

Mun ga zahirin wannan ɗauri ranar da ya tsinke. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Sasa a Ibadan, ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na wajen mako guda. Gonakin nan dai su ne, masu cin miya su ne, ba a ƙara ba a rage. Amma a Legas tumatir ya yi tsadar gaske, a kasuwannin Arewa kuma ya taru ya rasa mai saye, ana tsakiyar kaka, manoma suka tafka asara. Mako ɗaya, kaya ɗaya, tsada a can, faɗuwa a nan.

Akwai kuma lokacin da matsalar daga gona take. A 2016 wata tsutsa da masana suke kira Tuta absoluta, manoman Kano kuma suka raɗa mata suna Sharon, ta afka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Filato. Asalinta daga Kudancin Amurka take, 'yar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai tashi da dare, tana shiga cikin ganye ta cinye tsokarsa, ta huda 'ya'yan, kuma da yake a ciki take ɓuya, feshi ba ya saurin kama ta. A watan Mayun shekarar gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, kuɗin kwando kuma ya ninka sau da yawa. A tsakiyar 2024 aka sake shiga irin wannan hali, har babban kwando ya haura naira 100,000 a Legas. A wannan karon abubuwa sun taru: tsutsa da zafi sun rage kaya, kuɗin mota ya tashi, ga Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar Yuni, lokacin da kowane gida yake son jar miya a ci da nama. Kaya sun ja baya, buƙata ta matso gaba, a wata guda.

Ita ma buƙata takan faɗi ita kaɗai. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya. Mutane suna son tumatir kamar kullum, amma mai teburi ba ya da tsaba, manomin ƙauye kuma ba ya karɓar tiransifa. Kasuwa ba ta ƙirga wanda yake so, wanda zai iya biya take ƙirgawa. Kayan gwari suka faɗi a hannun masu su ba don an noma fiye da kima ba.

Mu koma ga wata ukun nan da na ce ku riƙe. Yau kwando ya kai 35,000, amma ba manomin da zai iya fito da ƙarin tumatir gobe. Abin da zai iya shi ne ya ƙudura cewa kaka mai zuwa zai ninka gonarsa. Maƙwabcinsa ya ƙudura haka, mai albasa ya ce bana shi ma tumatir zai yi, ma'aikacin gwamnati ya ari fili ya shiga. Kowannensu ya yi lissafi da kuɗin bara. Bayan wata uku duk suka tsinka tare, kasuwa ta cika, kwando ya dawo 6,000. Waɗanda suka ƙone suka rantse sun bar tumatir, suka koma alkama ko albasa. Kaka ta gaba kaya suka yi ƙaranci, kuɗi ya sake hawa. Tsadar bana ita take shuka arahar baɗi. Manomin da ya gane wannan ba ya tambayar nawa aka sayar bara, yana zagayawa ne ya ga yawan irin da aka zuba a unguwarsu bana, ya tambayi masu sayar da iri yadda ciniki yake. Wasu kuma sukan raba dashensu kashi biyu ko uku, tsakani da 'yan makonni, don kada duk amfaninsu ya faɗa a makon da kasuwa ta fi cika.

An yi fatan masana'anta za ta sassauta wannan hawa da sauka, ta kwashe rarar kaka ta mayar da ita markaɗaɗɗen tumatir mai ajiyuwa. Kamfanin Dangote ya buɗe irin wannan masana'anta a Kadawa a 2016, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, amma ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. Ita ma dokar kasuwa ce ta kama ta. Masana'anta tana buƙatar kaya masu yawa, a kuɗi mai sauƙi, wata da watanni. Manomi kuwa duk ranar da kasuwa ta fi masana'anta tsoka, kasuwa zai nufa. Sai lokacin da kaya suka yi yawa ake tunawa da ƙofar kamfani, wannan lokaci kuma gajere ne.

To ina dillalai a duk wannan? Ba zan ce muku ba su da hannu ba. Manomin da yake can cikin lungu, mai saye ɗaya ne yake zuwa gonarsa, bai san kuɗin Mil 12 na yau ba, ko kuwa ya ci bashin taki a hannun wanda zai saya, wannan ba ya cikin irin gasar da muka kwatanta, kuma ana iya danne shi. Inda masu saye suka yi kaɗan ko labari ya taru a hannun mutum ɗaya, farashi yakan karkata. Amma zargin cewa ana ɓoye ɗanyen tumatir don ya yi tsada, kamar yadda ake yi wa hatsi, bai da ƙarfi, domin wanda ya ɓoye shi mako guda ruwa zai tarar. Kuma da dillalai ne suke yanka kuɗi yadda suka ga dama, da ba su bari ya faɗi warwas kowane Fabrairu ba. Haka nan da hukuma za ta ce kada a sayar da kwando sama da 12,000 a ranar da 200 kawai suka zo, umarnin ba zai haifar da kwando ko ɗaya ba. Masu son 400 suna nan, sai dai kayan su koma bayan rumfa, a sayar wa na sani ko wanda ya biya a ɓoye, ko kuma motoci su juya zuwa garin da babu dokar.

Abin da mai sauraro zai iya yi da kansa shi ne ya karanta kasuwa, kuma ana karanta ta ne da duba abu biyu tare, kuɗi da yawan kaya. Idan ka shiga kasuwar 'Yan Kaba ka tarar kuɗi ya hau, rumfuna kuma fayau, motoci kaɗan ne suka sauke, matsalar daga gona ko hanya take, kuma in gona ce ba za ta warware ba sai sabon tsinka ya shigo. Idan kuɗi ya hau amma kaya suna nan jibge kuma ana kwasa da sauri, buƙata ce ta taso, kamar jajibirin Sallah, kuma takan lafa cikin kwanaki. Idan kuɗi ya faɗi kaya sun cika ko'ina, kaka ce, lokacin saye a shanya ko a markaɗa a tafasa a ajiye ke nan. Idan kuɗi ya faɗi alhali kayan ba su fi na kullum ba, masu saye ne suka ɓace, sai a tambaya ko hanya ce ta toshe ko kuɗi ne babu. Idan kuwa ka ga tumatir ya tashi, shinkafa ta tashi, sabulu da kuɗin mota duk sun tashi tare kuma ba sa dawowa, wannan ba labarin tumatir ba ne, darajar naira ce take raguwa. Alamar da za ka bambance su ita ce tsadar kaka tana sauka in lokacinta ya wuce, ta faɗuwar darajar naira kuwa arahar bana ma sai ta fi ta bara tsada.

Daga nan kuma ake gane irin maganin da zai yi aiki. Duk abin da zai ba tumatir ƙarin kwanaki ko ya baza tsinkarsa a kan watanni masu yawa, shi zai rage tazarar Fabrairu da Yuni: irin da yake jure zafi da ruwan sama, shanya mai tsabta a kan tabarma ko raga maimakon ƙasa, akwatin roba, ɗakin sanyi a bakin kasuwa, hanya mai kyau da ƙarancin shingaye. Kowane ɗaya daga cikinsu yana ɗauke kwando daga watan da ba a son sa ya kai shi watan da ake nemansa, manomi ya samu ƙari a kaka, mai ci ya samu sauƙi a bazara.